Hanya ta Kowa Ce, Ƙofa Fa?

Idan ka kwatanta wa mutum gidanka don ya kawo maka saƙo, ya zo, ya gane ƙofar, sanin nan da ya samu nasa ne ko naka? Yana da ikon ya ba wani, ko ya sayar, ko ya rubuta shi inda duk duniya za ta gani? Da can ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin tambaya ba. Sai da na yi mako uku a Tamanrasset, a kudancin Aljeriya, ina zaune a bayan babur ɗin ƙanena, sannan ta kama ni.

Ɗan baffana ne. Baffan nawa tela ne da ya bar ƙasar Damagaram a yunwar 1984, ya bi ta Agadas da Arlit ya haura, ya zauna a can, ya auri 'yar garin. Yaron a Tamanrasset aka haife shi, takardunsa na ƙasar ne, yana jin Hausa da Larabci da Buzanci, yana kuma taɓa Faransanci. Sana'arsa kai saƙo a kan babur: abinci, magani, kayan ɗinki, kwalayen da ake sayowa ta intanet daga arewa a biya idan kaya sun iso hannu. Rashin lafiyar baffa ce ta kai ni, a tsakiyar hunturu. Garin yana kan tudu, sama da mita 1,300, don haka sanyin asubarsa ba irin namu ba ne. Da jikin tsoho ya yi sauƙi, zaman gida ya ishe ni, na ce wa ƙanena zan riƙa binsa aiki. Ya ce, "Yaya, in dai za ka riƙe kwali ka kuma yi shiru idan ina waya, bismillah." Ya san ɗan rediyo da baki.

Tsakiyar gari ba ta da wuya. Manyan tituna suna da suna, taswirar waya ta san su, ta san kasuwar Asihar, ta san tsohon ginin Charles de Foucauld, malamin Kiristan nan Bafaranshe da ya sauka a wurin a 1905 lokacin da bukkoki ne 'yan kaɗan, aka kashe shi a 1916. Wahalar tana farawa idan ka nausa cikin unguwanni irin Gata'al Wad da Tahaggart, balle gefe-gefensu inda ake ta ɗora bulo. A nan taswira takan nuna maka babban layi, wani lokaci ta zana lungu ba suna, wani lokaci fili fari tas a inda kake tsaye a gaban ƙofofi goma. Lambar gida kuwa, ko akwai ta a wata takarda, mai gidan ba da ita yake kwatance ba.

Na zaci zan ga mutum yana yawo yana tambayar yara. Abin da na gani tsari ne, kuma mafi yawan aikin ana gama shi ne kafin a tada babur.

Bari in ba da misali ɗaya da na gani daga farko har ƙarshe. Wani kantin magani ya ba shi ƙullin magani da lambar waya, aka ce na wata tsohuwa ce a Tahaggart. Ya kira, wata mata ta ɗauka, ya ji harshenta ya juya zuwa Hausa. Bai ce mata "ina ne gidanku" ba. Ya ce wannan tambayar ɓata kuɗin waya ce, domin mutum zai fara kwatance daga inda shi ya saba fitowa, kai kuma ba daga can za ka zo ba. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Inna, in kin fito za ki kasuwa, kina tsallake wadi ko ba kya tsallakewa?" Wadi shi ne busasshen kogin yashin da ya ratsa garin. Amsa ɗaya ta zubar da rabin gari. Sai ya ce, "A wane masallaci mazan gidan ke sallar asuba?" Ya ce kada ka tambayi na Juma'a, don mutum yakan yi tafiya mai nisa zuwa Juma'a, amma a sanyin asuba babu mai wuce masallacin da ya fi kusa da shi. Matar ba ta san sunan masallacin ba, ta ce mai koriyar hasumiyar da ba a ƙarasa ba. Ya ce ya gane. Tambaya ta uku ita ce ta fi ba ni sha'awa: "In kin tsaya sallah a tsakar gida, ƙofar waje tana gabanki, ko bayanki, ko dama, ko hagu?" Ta ce hagu. A Tamanrasset alƙibla kusan gabas ce sak, saboda garin da Makka kusan a layi ɗaya suke. Wanda ya fuskanci gabas, hagunsa arewa ne. Ke nan ƙofar tana kallon arewa, kuma a lungun da ya miƙe daga gabas zuwa yamma, gidan yana jerin kudu. Matar da ba za ta iya ce maka arewa ko kudu ba, ba ta taɓa kuskuren inda take fuskanta sau biyar a rana.

Duk wannan bai kai minti biyu ba. Ya rufe da cewa, "Nan da kwata ɗaya ki turo yaro bakin masallaci, ya riƙe wani abu ja." Muka isa, ga yarinya da murfin bokiti ja a hannu. Ba ta ma yi mana jagora ba, ta dai nuna lungu da baki, shi kuwa ya wuce ƙofofin da ke hannu ɗaya bai ko kalle su ba, ya tsaya a ta uku a ɗaya hannun. Ya karɓi dinari 300 kuɗin kai saƙo, muka juya.

A hanya na ce masa, ai da ta turo maka wurin ta WhatsApp da an huta. Ya yi dariya, ya ce yana amfani da shi kullum, amma ɗigon nan yana ƙarya ta hanyoyin da ya sani. Wadda ta fi yawa ita ce mutum ya turo daga cikin ɗaki. Waya tana gane inda take ne ta sauraron taurarin ɗan'adam, kuma a fili ƙarƙashin sama takan kusanci gaskiya da 'yan mitoci. Amma a ƙarƙashin rufin siminti ko kwano, in ta kasa jin su, sai ta yi kirdado da turken sadarwa mafi kusa, ta jefa ɗigon ɗaruruwan mitoci daga gidan. Ana ganewa: kafin ka tura, akwai ɗan rubutu da ke nuna kusancin a mita nawa ne. Shi yakan ce wa mutum ya fita ƙofar gida, ya jira har lambar ta sauko ƙasa da 20, sannan ya danna. Ta biyu, maigida ya turo daga wurin aikinsa, ya manta waya inda yake tsaye take faɗa, ba inda iyalinsa suke ba. Ta uku ta fi cin rai, domin ɗigon daidai yake, a kan rufin gidan ya sauka, amma gidajen sun jingina baya da baya, ƙofar tana ɗaya lungun, kuma kafin ka zagayo sai ka koma bakin titi. Hoton sama yana ganin rufi, ba ya ganin ƙofa. Tambayar alƙibla don wannan aka yi ta.

Wasu kan kwafo lambobin wurin su turo a rubuce, kamar waɗannan na tsakiyar gari:

```
22.7850, 5.5228
```

Ya ce abu biyu yake dubawa. Na farko, lambobi nawa ne bayan ɗigo. Huɗu suna kai ka cikin kamar mita 11, uku kamar mita 110, biyu kuwa sun bar ka da fiye da kilomita guda, wato unguwa sukutum. Na biyu, kada a juya su. Wanda ya sa 5 a gaba ya sa 22 a baya, taswira za ta kai shi dajin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Na gwada a wayata, haka ne.

Alamomin hanya ma ya kasa su a kansa. Akwai waɗanda ba sa motsi: dutsen Adriyan da ake hangowa daga gari, wadi, hasumiya, tankin ruwa, tiransifoma. Akwai masu canzawa a hankali, kamar kanti da gidan burodi da fentin ƙofa. Akwai kuma waɗanda yake kira maƙaryata: tarin yashi, babbar motar da "kullum a nan take kwana", akuyar da aka ɗaure. In mutum ya ba shi maƙaryaciyar alama, yakan ce to, ya ci gaba da tambaya har ya samu wadda ba ta motsi. Duk gidan da ya je sau ɗaya kuma, yakan tsaya a bakin ƙofa ya ajiye ɗigon kansa a wata manhajar taswira da ke aiki ko babu intanet, ya sa masa lambobi huɗun ƙarshe na wayar mai gidan da wata 'yar alama. Ba ya sa suna. Da na leƙa, ɗigogi ne birjik a inda taswirar kowa take fari.

A nan ne ɗan jaridar da ke cikina ya motsa. Na ce masa wannan dukiya ce yake zaune a kai. Na ba shi labarin OpenStreetMap, taswirar da aka fara a 2004 wadda kowa zai iya shiga ya ƙara abin da ya sani. Na ba shi labarin Kibera a Nairobi, unguwar talakawa da matasanta suka zagaya da na'urori a 2009 suka zana ta da kansu, suka sa famfuna da makarantu da asibitoci, alhali a da fili ce a taswira. Na ce in ya zuba abin da ke wayarsa a can, duk mai kai saƙo da duk motar asibiti za su amfana. Na yi magana mai daɗi, irin wadda nake yi a gaban makirfo.

Ya bar ni na gama. Sai ya ce, "Yaya, tsohuwar nan ta ɗazu, ni ta ba ƙofarta ko duniya?"

Sai da ya faɗi haka na tuna su wane ne ke bayan ƙofofin. Da yawa 'yan ƙasa ne, ko baƙin da suka daɗe suka yi takardu. Amma da yawa kuma mutanenmu ne na Kance da Matamaye da Magariya da Tawa, da 'yan Mali da na ƙasashen gaba, masu aikin gini da wanki da talla da bara, waɗanda ba su da takardar zama. Dokar Aljeriya mai lamba 08-11 ta 2008 ta haramta zama ba izini, ta kuma tanadi hukunci ga mai taimaka wa wanda ya yi. Tun Disambar 2014, bayan fahimtar juna tsakanin gwamnatocin Nijar da Aljeriya, ake kwaso mutane daga garuruwan ƙasar a tara su a Tamanrasset, a loda a manyan motoci zuwa In Gezzam, kilomita kusan 400 a kudu, a tsallakar da su Asamaka. Waɗanda ba 'yan Nijar ba sau da yawa akan sauke su a wani wuri cikin hamada da ke da tazarar kilomita kamar 15 daga Asamaka, su ƙarasa da ƙafa. Ni da bakina na sha karanta wannan labari a rediyo. Ban dai taɓa haɗa shi da ɗigo a kan taswira ba.

Na ce masa, to ai hukuma ba ta jiran taswirarka. Tauraron ɗan'adam ya riga ya ga kowane rufi, kuma mai samame unguwa yake zagayewa, ba ƙofa ɗaya yake nema ba. Ya yarda. Ya ce shi ma ba hukuma ce ta fi damunsa ba. Sai ya ba ni labarin wani mutum da ya tare shi a gaban wani gidan abinci, cikin shiga mai kyau, ya nuna masa hoton wata mata a waya, ya ce ƙanwarsa ce, ya zo daga gida nemanta, an ce masa ɗan babur ɗin nan ya san kowa. Ya miƙo dinari 5,000. Ƙanena ya san matar, ya sha kai mata kaya. Ya ce wa mutumin, "Malam, ni saƙo nake kaiwa, ba mutum ba. Ba ni lambarka. In na haɗu da mai kama da ita zan ba ta, in tana so ta kira ka." Mutumin ya ƙara kuɗi, sannan ya koma zagi. Da yamma ya kai wa matar lambar. Ta duba, ta ninke takardar, ta ce ta gode. Ba ta ce masa komai ba, shi ma bai tambaya ba. Har yau bai sani ba ko yayanta ne na gaskiya da uwarsu ta aiko, ko mijin da ta gudo wa, ko mai bin bashi.

Wannan rashin sanin shi ne ya daɗe yana yi mini yawo a kai. Mai yiwuwa ne ya hana ɗan'uwa ganin 'yar'uwarsa. Amma in ka duba, bai hana ba. Ya mayar da hukuncin hannun wadda ƙofar take tata. In ya yi kuskure ta wannan hanya, gyaransa kiran waya ɗaya ne daga gare ta. In da ya yi kuskure ta ɗaya hanyar, ya kai mutumin har ƙofa, babu abin da zai mayar da sanin nan baya. Nan na fahimci abin da yake tsarewa. Wurin kansa ba asiri ba ne, kowa na wucewa ta lungun. Sunan matar ma ba asiri ba ne. Igiyar da ta ɗaure sunan da ƙofar ita ce a hannunsa, kuma ba tsintar ta ya yi ba, miƙa masa aka yi don wata buƙata guda.

Na san wannan igiya domin na taɓa tsinka ta. Ina gabatar da wani shiri na gaishe-gaishen 'yan ci-rani. Wata rana wata mata ta kira daga Aljeriya kafin a shiga shiri, muka gaisa, na tambaye ta inda take, ta faɗa mini gari da unguwa har da kasuwar da take soya ƙosai a bakinta. Da aka buɗe makirfo na ce wance 'yar gidan wane da ke wuri kaza tana gaida mahaifiyarta. Ina ganin na kyauta. Bayan kwana biyu ta sake kira, muryarta na rawa, ta ce, "Malam, kai na faɗa wa, ban ce ka faɗa wa gari ba." Ban san abin da ya biyo baya ba, ba ta ƙara kira ba. A makarantar koyon aikin jarida an koya mana bambancin abin da aka faɗa maka don ka watsa da abin da aka faɗa maka don ka sani, na kuma ci jarrabawar. Ɗan babur da bai taɓa shiga ajin ba ya fi ni riƙe darasin.

Abin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. A zangon fatake, mai masauki ya san wanda ya sauka da abin da ya ɗauko, kuma mutuncinsa a kan riƙe bakinsa yake. A gidan Bahaushe baƙo iyakarsa zaure, yaro ake aikawa ciki, mai gida ya ce a shigo ko a ce ba ya nan. Yarinyar nan mai jan murfi a bakin masallaci zaure ce aka matsar da shi waje. Addini kuma ya yi umarni da neman izini kafin shiga gidan mutane a Suratun Nur, ya hana bin diddigin asirinsu a Suratul Hujurat. A ɗaya gefen, lambar gida ba don jin daɗin mai kawo saƙo aka fara ƙirƙiro ta a ko'ina ba. A daular Ostiriya, a 1770, an bi gidaje ana rubuta musu lamba ne don a san inda za a samo samarin da za a ɗauka soja. Kakanninmu da suka riƙa ɓoye shanu ranar ƙirgar jangali za su gane wannan ba sai an yi musu bayani ba.

Da a nan maganar ta tsaya da na ji daɗi, in rubuta cewa ƙanena mai amana ne in ajiye alƙalami. Amma akwai wani dare.

Wajen ƙarfe ɗaya wayarsa ta yi ƙara. Wata mata ce naƙuda ta zo mata da gardama a can gefen unguwa. Maƙwabta sun kira lamba 14, ta jami'an agajin gaggawa, mota ta fito, amma mai kwatancen ya rikice, harshe ma bai haɗu ba, direba yana tsaye a bakin titi bai san lungun da zai shiga ba. Wani ya tuna da ɗan babur. Ya fita da rigar barci a ƙarƙashin jaket, ya sami motar, ya shiga gabanta har inda faɗin lungu ya ƙare, suka ƙarasa da gadon ɗauka. An sauka lafiya. Da ya dawo yana hura hannuwansa, ban yaba masa ba. Na ce, da wayarka a kashe take fa? Da ka tafi In Salah ɗaurin aure fa? Unguwar da hanyarta ke cikin kan mutum ɗaya, ranta yana rataye da cajin batirinsa.

Na ƙara masa da wadda ta fi zafi, don tsakanin wa da ƙane babu ɓoye-ɓoye. Na ce duhun nan da kake karewa shi ne jarinka. Ranar da kowane lungu ya samu suna, kowane yaro mai babur da waya zai yi abin da kake yi, kantuna su daina nemanka kai kaɗai. Ta yaya zan san amana ce ke magana ba ciki ba? Kuma duhu ba ya zaɓar wanda zai rufa wa asiri. Yadda ya ɓoye matar da ta gudo wa duka, haka yake ɓoye mai sayar da ƙwaya, da wanda ya kwaso 'ya'yan mutane daga ƙauyukanmu yana tura su bara yana karɓe kuɗin. Mu a Damagaram ba mu manta da Oktoban 2013 ba, lokacin da mutum 92, yawancinsu mata da yara, suka mutu da ƙishirwa a hamada a kan wannan hanya. Masu cin riba da irin wannan tafiya su ma suna son unguwar da ba ta cikin taswira. Ita ma ƙasa, in za a yi adalci, tana da haƙƙin sanin wanda ke zaune a cikinta, ba don kora kaɗai ba, har don ruwa da allurar rigakafi da makaranta.

Bai musa ko ɗaya ba. A kan batun ciki cewa ya yi, "Gaskiya ne, da shi nake ci. Amma da ciki ne kaɗai, da na karɓi dubu biyar ɗin nan, ai aikin kusan kwana biyu ne." Na ga amsar ta rufe rabi. Ta nuna ba ya sayar da ƙofa, ba ta nuna dalilin da zai sa ya riƙe lungu ba.

A kan wannan rabin muka yi kwanaki muna ja. Inda ni na tsaya, kuma har yanzu a nan nake, shi ne abubuwa biyu ne muka cakuɗa. Hanya ta kowa ce. Lungu, da inda ya toshe, da inda mota ba ta wucewa, da masallaci, da famfo, da kantin magani, da mashigar wadi da ke yankewa in ruwa ya sauko daga duwatsu, babu wanda ya ba shi amanarsu. Da idonsa da tayarsa ya same su, kuma riƙe su rowa ce ko da an sa mata rigar amana. Direban daren nan ba sunan mai naƙuda yake buƙata ba, lungun yake buƙata, daga nan kukan mata zai kai shi. Ƙofa kuwa, da sanin wane ne a bayanta, ta mai ita ce. Ko da zuba ta a taswira zai amfani mutum dubu, ba shi ke da ikon yin kyauta da ita ba, kamar yadda ba na yin sadaka da kuɗin ajiya don na ga mabuƙaci.

Na san layin nan da na ja ba shi da kaifin da nake so. A lungu mai ƙofa huɗu, wanda ya nuna lungun ya kusa nuna ƙofar. Shi ma ya kawo wata da ban yi tunani ba: shagon da ka sa wa suna "mai tuwon Nijar" a taswira, ka riga ka faɗi su wane ne ke cin abinci a wurin da tsakar rana. Ga kuma batun wayar kanta. Na tambaye shi in ta faɗi ko aka ƙwace fa, tunda duk wanda ya haɗa lambobi huɗun nan da jerin kiran da ke cikinta ya gama gane komai. Ya yi shiru. Ashe ko makulli bai sa mata ba, wai yana ɓata masa lokaci a kan hanya. Mai amanar da ya ƙi dinari 5,000 yana yawo da asirin unguwa guda a aljihun da ba ya zugewa. A daren ya sa mata lambar sirri, yana gunaguni.

Ana jibi zan tafi muka zauna a shagon baffa bayan isha'i, ga shayi a kan gawayi. Na buɗe masa shafi a OpenStreetMap, na nuna masa yadda ake bin hoton sama a ja layi. Cikin awa biyu ya zana lunguna goma sha ɗaya, ya nuna uku da ba sa ɓullewa, ya sa masallatai biyu da famfo da tiransifoma. Hannunsa ya fi nawa sauri, kuma sau biyu yana gyara hoton da baki, yana cewa nan an riga an toshe da bulo tun bara. Da muka zo wani ɗan lungu a bayan masallacin mai koriyar hasumiya, ya ja layin har rabi, ya tsaya, ya goge.

Na ce, "Wannan ai hanya ce."

Ya ce, "Gida biyu ne kawai a ciki, Yaya. Bari in tambaye su tukuna."

Baffa, da muke zaton barci yake a kan tabarma, ya ce a zuba masa na uku in bai huce ba.